Kafin ki biya kowa, buɗe akwatin bincike da kanki

«Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina ɗora bidiyon kunun aya da dakuwa a YouTube, amma in ba dangi ba babu mai kallo. An ce in riƙa sa kalmomin da mutane ke nema a take. Ta yaya zan san abin da suke rubutawa? Wani ya ce in biya shi ya nemo mini.»

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Don Allah ki riƙe kuɗinki. Layinki na ƙarshe ne ya hana ni wucewa, don ni an ci nawa ta wannan hanya, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani yaro ne aka haɗa ni da shi, wai ya ƙware. Jaka goma sha biyar ya karɓa, kuɗin adashena, a lokacin da tiyar aya ta yi tsada. Ya yi ta ja mini rai, in na kira ya ce babu rezo, daga ƙarshe ya turo mini jerin kalmomi ta WhatsApp, duk Turancin Ingilishi, irin wanda masu sayar da kayan gyaran jiki na ƙasashen waje ke sawa. Ko kalmar Hausa ɗaya babu. Na sa su kamar yadda ya ce, na yi ta duba waya har tsakar dare, adadin masu kallo bai motsa ba. Da na yi masa magana a gaban mutane sai ya ce ai matsalar rashin ilimina ce. Wallahi ba kuɗin suka fi yi mini ciwo ba, wannan kalmar ce. Ina da ƴaƴan da suka girme shi. Na koma gida na kasa cin tuwo, na yi kusan share tashar gaba ɗaya. Na bar shi da Allah.

Abin da ya sayar mini kuwa kyauta ne, tun 2008 Google ya sa shi a shafinsa na farko. Kin ga in kika fara rubutu a akwatin bincike, wasu jimloli na saukowa ƙasa kafin ki gama? Daga abin da mutane suka riga suka nema ake ɗauko su, ana la'akari da harshe, da ƙasar da kike, da abin da ake yayi, da kuma abin da ke kanki kika taɓa nema.

Wannan na ƙarshen shi ke ruɗar mutane. In kika buɗe a wayarki haka kawai, rabin abin da za ki gani naki ne ya dawo miki, ki ɗauka duniya ce ke nema. Alamarsa ɗan hoton agogo a gefen jimlar. Wadda ta fito daga jama'a madubin bincike ne a gefenta. Saboda haka ki shiga Chrome, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki zaɓi `Nouvel onglet de navigation privée` in wayarki da Faransanci take, wato shafin sirri da ba ya nuna abin da kika taɓa nema, sannan ki buɗe shafin YouTube a ciki. Tunda bidiyo kike yi, akwatin YouTube za ki fi ba ƙarfi, don jerinsa daban yake da na Google. Ki ajiye littafi da biro kusa.

Ni ga yadda na yi da tawa sana'ar, wadda iri ɗaya ce da taki. Da na rubuta `aya` kawai, ayoyin Alƙur'ani ne suka cika jerin, babu zancen abinci ko kaɗan. Da na rubuta `kunun aya` na bar fili ɗaya bayansa, sai hanya ta buɗe. Daga nan na riƙa ƙara harafi ɗaya ɗaya ina kwafe abin da ya sauko:

```
kunun aya a
kunun aya d
yadda ake kunun a
amfanin kunun a
```

Ki bi har ƙarshen baƙaƙe, ba ya cin mega da yawa. Wasu haruffan ba za su ba ki komai ba, ki wuce. Ki kuma mayar da sandar rubutu farkon layi, gaban `kunun aya`, ki sa fili, wani lokaci yakan nuna kalmomin da ake farawa da su. A nan na gane mutane ba sunan abinci suke rubutawa ba, tambaya suke yi: yadda ake haɗawa, amfaninsa, haɗi da dabino da kwakwa. Ni kuwa taken bidiyona a da «Girkin gidanmu kashi na 4». Wa zai zauna a Kano ko Damagaram ya rubuta wannan? Na mayar da shi «Yadda ake kunun aya da dabino da kwakwa», sai na fara ganin baƙin sunaye a wurin sharhi.

Sannan ki kula da yadda ake rubutu a waya, a nan mu ƴan Maradi muke da aiki biyu. Yawancin mutane ba sa sa ƙugiya, `hada` suke rubutawa maimakon haɗa. Wasu `yadda`, wasu `yanda`, kowanne ki gwada shi daban don jerin ba ɗaya ba ne. Ƴan lakwal ɗinmu kuma da Faransanci suke nema, ko Hausa da rubutun Faransanci. Ki gwada `jus de souchet` da `lait de souchet`, kamar yadda mai kilishi zai gwada `kilichi`, mai cuku ya gwada `tchoukou`. Abin takaici ne, mu da ake ɗaukar aya buhu buhu daga wajen Agye da Cadawa, amma in aka nemi sunanta sai bidiyon wasu ƙasashe ya fito. Ni take da Hausa nake yi, sai in sa na Faransancin a bayanin da ke ƙasa.

Masu kallon Hausa mafi yawa suna Najeriya, wayarki kuwa a Nijar take. In kina da ƴar'uwa a Jibiya ko Katsina, ki tura mata kalmomin ta rubuta a tata wayar, ita ma a shafin sirri, ta ɗauko miki hoton abin da ya fito. Sai ki jera da naki. Jimlar da ta fito a wurare biyun ita nake fara yi wa bidiyo.

Kada kuma ki ɗora wa jerin abin da ba zai iya ba. Ba ya faɗin mutum nawa suka nema, kuma ta saman ba lallai ita ce ta fi yawan masu nema ba. In kalma ba ta fito ba, ba ya nufin babu mai so. Hausa ba ta da yawa a intanet kamar Faransanci, abin da ƴan kaɗan suka nema ba ya hawa jerin, wasu kuma kamfanin ne da kansa ke cirewa, musamman na batsa da na cutarwa. Dakuwarki za ta iya ba ki layi biyu kacal, ki yi bidiyonta duk da haka, don masu yi ma kaɗan ne.

Wani abu kuma, za ki ga jimlolin da ke haɗa kunun aya da magani ko gyaran aure. Ana nema ƙwarai, amma kada ki sa a take abin da babu shi a cikin bidiyo, ko ki yi alƙawarin warkarwa. Mutum zai shiga ya fita nan take, kuma haƙƙi ne a kanki. Gara ki nuna musu yadda za su hana shi tsami a zafin nan namu, ki faɗa musu ba ya jure zama ba sanyi, wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini.

Jerin yana sauyawa da lokaci, don haka ki rubuta kwanan wata a saman shafin littafinki. Ki sake bin haruffan nan mako biyu kafin azumi, lokacin ne neman kayan buɗe baki ke tashi. In kin yi na yau, turo hoton abin da `dakuwa` ta ba ki mu duba tare.