Kayana sun yi yawa a Excel, yaya zan gane inda kuɗina yake kwance?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina sarin kayan masarufi a kasuwar Singa, Kano. Yarona ya rubuta mini duk kayan shago da na sito a Excel, layi ya haura 600. Ina so in san jimlar kuɗin kowane rukuni, da wanda ya fi cin jarina, ba tare da na kwana ina danna kwakuleta ba."

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abin da kake nema sunansa PivotTable, wato teburin da Excel ke fitar da jimlar kowane rukuni a cikinsa, kuma haɗa shi ba ya cin minti biyar. Gyaran jerin kayan kafin a haɗa shi ne aikin, domin shi ba ya gyara kuskure. Abin da ka ba shi, shi zai tara maka.

Ka sa yaron ya tsara jerin da kanu biyar a layin farko: Kaya, Rukuni, Adadi, Farashi, Kuɗi. Farashin ya zama na sari, wato yadda ka sayo, tunda jarinka kake son gani. A ƙarƙashin Kuɗi ya rubuta wannan, ya ja shi har ƙarshen jerin:

```
=C2*D2
```

Kada ku tsallake wannan mataki ku ce PivotTable zai yi lissafin da kansa. Ga dalili. A ce kana da taliya katan 40 a kan naira 18,000, da makaroni katan 10 a kan 17,000. Kuɗin taliya 720,000, na makaroni 170,000, jimla 890,000. In kuka bar masa lissafin ta hanyar Calculated Field, wato wurin sa masa lissafi a cikinsa, sai ya fara haɗa katan ya sami 50, ya haɗa farashi ya sami 35,000, sannan ya ninka su ya ba ka 1,750,000. Kusan ninki biyu ke nan, kuɗin da babu su a sitonka. Mai fitar da zakka da irin wannan lissafi ya shiga ruɗani.

Sai ku danna cikin jerin, ku matsa Ctrl+T don ya zama Table, yadda duk kayan da aka ƙara daga baya za su shiga lissafi. Daga nan Insert, sai PivotTable, sai OK. Akwati zai fito a gefen dama. Ku ja Rukuni zuwa Rows, ku ja Kuɗi zuwa Values. Layi 600 sun koma guda goma ko sha biyu. Ku danna maɓallin dama na mouse a kan ɗaya daga cikin alƙaluman, ku zaɓi Sort, sai Sort Largest to Smallest, rukunin da ya fi cin jari ya hau sama. In kana son kaso, ku sake jan Kuɗi zuwa Values karo na biyu, ku danna dama a kansa, Show Values As, sai % of Grand Total.

Abu biyu ne za su nuna maka an samu matsala. In ka ga an rubuta Count of Kuɗi maimakon Sum of Kuɗi, to layuka yake ƙirgawa, kuma galibi wani ne ya cusa rubutu a gidan lamba, kamar "12 katan" maimakon 12. A gyara wurin, a danna dama a cikin PivotTable a zaɓi Refresh, sannan a shiga Value Field Settings a mayar da shi Sum. In kuma ka ga Sabulu ya fito sau biyu, to an rubuta wani "Sabullu", ko an bar tazara a bayan kalmar wadda ido ba ya gani. Ka tsayar da sunayen rukunan da kanka, ka hana kowa ƙirƙiro sabo. Ka kuma lura da awo: in an ƙirga madara da gwangwani amma aka sa farashin katan, na'ura ba za ta yi maka magana ba.

Yanzu a ce jimla ta fito miliyan 12, man girki ya ci miliyan 4.8, wato kashi 40 cikin ɗari. Wannan bai ce mai ne ya fi kawo maka riba ba, ya dai ce nan kuɗinka suka fi taruwa. Ka danna sau biyu a kan alƙalamin, Excel zai buɗe sabon shafi da duk layukan man. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka yaushe rabon da wannan ya fita. Jarkar da ke ƙarewa duk mako ta cancanci kuɗinta. Wadda ta yi wata uku tana shan ƙura, gara a sauke mata farashi a juya kuɗin. Ni a ganina rukuni ukun da ke sama su ne za ka riƙa ƙirgawa da idonka duk mako, sauran sau ɗaya a wata ya isa.

Duk ranar da aka canza adadi ko farashi, ko aka ƙara kaya, a danna dama a cikin PivotTable a zaɓi Refresh. Kafin ka yarda da sakamakon, ka tara layin Kuɗi a asalin jerin, ka duba ko ya yi daidai da Grand Total.