Lissafin kayan shago: a ƙirga da leda, ba da kwali ba

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon kayan masarufi, kullum ana ciniki, amma ban san abin da ya rage ba sai na ga kanta ta yi fayau. Yaya zan tsara lissafin kaya a Excel ko Google Sheets?"

Wa alaikumus salam Malam. Shafi biyu kawai nake amfani da su, kuma sun ishe ni. Na farko ka sa masa suna Kaya: A sunan kaya, B abin da ka ƙirga ranar da ka fara, C saura. Na biyu sunansa Rana: A kwanan wata, B sunan kaya, C abin da ya shigo, D abin da ya fita, E dalili. A C2 na shafin Kaya ka rubuta wannan, sannan ka ja shi ƙasa:

```
=B2+SUMIF(Rana!B:B,A2,Rana!C:C)-SUMIF(Rana!B:B,A2,Rana!D:D)
```

Abin da ya fi ruguza lissafi shi ne haɗa kwali da ɗai-ɗai. Ka riƙa rubuta komai da ma'aunin da kake sayarwa. Kwalin taliya leda 20 ne, don haka idan kana da kwali uku da leda bakwai, 67 za ka rubuta. A ce ka saro kwali biyu, wato 40. Cikin mako aka sayar da 58, aka kai uku gida, ɗaya ta fashe. Duka waɗannan fita ne, har na gidan, domin kaya ya bar kanta ko kuɗi bai shigo ba. Saura zai nuna 45.

Ranar Juma'a kafin ka buɗe, ka ƙirga da hannunka. Idan ka samu 41, giɓin huɗun nan yawanci bashi ne da yaron shago ya bayar bai rubuta ba. Idan giɓin ya zo 20 cif, kwali guda aka manta ko aka rubuta sau biyu. Idan kuwa saura ya koma ƙasa da sifili, sari ne ba a shigar ba. Kada ka goge tsohon layi don lissafi ya daidaita. Ka ƙara sabo, ka rubuta "gyara" a dalili, don ka gane kayan da ke yawan ɓacewa.

Ka kula da sunaye. Idan ka bar tazara bayan "Taliya", SUMIF zai ɗauke ta wani kaya daban, ya tsallake layin bai ce maka komai ba. Ka sa Data validation a B na shafin Rana, a riƙa zaɓar suna daga jeri.

Ba na ba da shawarar taɓa waya lokacin ciniki. A ja sanda-sanda a takarda, bayan Isha a shigar da jimillar kowane kaya a layi ɗaya. Sukari da shinkafa kuma, ka auna buhu guda da mudunka ka ga nawa ya bayar, da wannan adadin za ka riƙa shigar da sari.