Ban ga jini a daren farko ba: shin matata ta ha'ince ni?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Dei-Dei, ina zaune a Kubwa. Ban daɗe da aure ba, kuma budurwa aka ɗaura mini. A daren farko ban ga jini ba, ban kuma ji wata wahalar shiga ba. Gwaggona ta tambaye ni na faɗa mata gaskiya, yanzu ta ce yarinyar ba ta kawo mutuncinta ɗakin miji ba. Wani abokina ya ce in kai ta asibiti a duba. Ita kuwa ta rantse da Allah namiji bai taɓa saninta ba, kullum kuka take yi. Ya halatta in sa a duba ta? In na sake ta, zan iya karɓar sadakina da kayan lefe?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abin da ka gani ba hujja ba ce a kan matarka, a shari'a ko a likitance. Bai halatta ka tuhume ta ba, bai halatta ka sa a duba ta ba, kuma sadakinta ya zama nata gaba ɗaya. Ga dalilan.

Da yawan mutane sun ɗauka tantanin budurci wani murfi ne da ya rufe gaban mace ruf, wanda sai namiji ya huda shi jini ya zuba. Da haka ne, ta ina jinin hailar budurwa yake fita duk wata? Abin da likitocin mata suka bayyana shi ne, wata siririyar tsoka ce mai laushi da ta kewaye bakin farji daga ɗan ciki kaɗan, tana da ƙofa a tsakiya tun daga haihuwa. Ta wata kamar zobe take, ta wata kamar jinjirin wata, ta wata bakinta a yamutse yake, ta wata kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai har da kyar ake ganinta. Wadda aka haifa da nata a toshe gaba ɗaya, wannan larura ce da ba ta cika faruwa ba. Ana gane ta ne idan yarinya ta balaga tana ciwon mara duk wata amma jini ba ya fita, sai an yi mata ƙaramin aiki a asibiti an buɗe hanya. Ka ga ke nan rufaffen tantanin da ake ta zato cuta ce ma, ba alamar kamun kai ba.

Idan yarinya ta balaga, sinadarin istirojin da jikinta ke samarwa yana sa wannan tsoka ta yi taushi, ta riƙa miƙewa tana komawa, kamar bakin safar ƙafa. Jijiyoyin jinin da ke cikinta kuma ba su da yawa. Saboda haka amarya za ta iya saduwa da mijinta karon farko tsokar ta buɗe kawai ba ta yage ba, ko ta ɗan tsage ba tare da jinin da ido zai gani a zanen gado ba. Jinin da wasu amare ke zubarwa kuwa, sau da yawa daga bangon farji yake fitowa, saboda tsoro ya sa jiki ya ɗaure, ga bushewa, ga gaggawar ango. Wato mijin da ya bi a hankali ya yi wasa da iyalinsa kamar yadda ya dace, shi ne ya fi kusa da rashin ganin jini. Wanda ya afka da ƙarfi kuma zai iya fitar da jini ko daga jikin matar da ta haihu.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. A 2004 an wallafa wani bincike daga Amurka a kan 'yan mata 36 masu ɗauke da ciki, aka duba su da kyau, sai aka samu 2 ne kawai jikinsu ya nuna tabbatacciyar alamar an sadu da su. Sauran 34 ga ciki a jikinsu, amma duban bai iya tabbatar da komai ba. To ma'aunin da zai wanke mai ciki ya kama wadda ba ta taɓa sanin namiji ba, wane alƙali ne zai yi hukunci da shi? Wannan ya sa a watan Oktoba na 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da sanarwa cewa babu wani gwaji da zai nuna ko mace ta taɓa saduwa, ta kuma nemi ma'aikatan lafiya su daina yin sa. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai duba ya gaya maka, shaci-faɗi zai sayar maka.

Akwai kuma wani abu namu na gida da ba a son tunawa. A gidaje da yawa a ƙasar Hausa wanzami kan zo a cikin kwanakin suna ya cire wa jaririya angurya, kuma abin da yake yankewa daga bakin farji ne, sau da yawa tsokar tantanin ce kanta. Mu yanke shi da askarmu tana jaririya, sannan bayan shekara ashirin mu zo muna tambayarta ina ta kai shi! Irin wannan yanka yana cutarwa, kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ke aiki a nan Abuja, ta hana yanke wani sashe na gaban 'ya mace.

Kada ka ɗauka wannan magana ta likitocin zamani ce kawai. Ibnu Ƙudama ya kawo a cikin Al-Mugni, daga Zuhri, cewa wani mutum ya auri mace bai same ta da tantanin ba, sai Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta aika masa cewa haila tana gusar da shi. Ya kuma kawo daga Hasanul Basri da Sha'abi da Ibrahim Annakha'i cewa tsalle, da yawan haila, da daɗewa ba aure, da ɗaukar kaya mai nauyi duk suna tafiyar da shi. Su sun yi bayani ne gwargwadon sanin zamaninsu. Likitocin yau sun fi karkata ga cewa galibi ba tafiya yake yi ba, yana nan, miƙewa kawai yake yi. Hukuncin dai bai canza ba: rashinsa, ko rashin jininsa, ba ya nuna zina.

Zina a shari'a tana tabbata ne da shaidu huɗu adalai da suka gani da idonsu, ko da iƙirarin mai laifin da bakinsa, Malikawa kuma suka ƙara da bayyanar ciki ga wadda ba ta da miji. Zanen gado ba ya cikin lissafin. Allah ya ce a aya ta 4 ta Suratun Nur waɗanda suka jefi mata masu kamun kai da zina, ba su kawo shaidu huɗu ba, a yi musu bulala tamanin, kada a sake karɓar shaidarsu. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya lissafa wannan ƙazafi cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. A mazhabar Imamu Malik har habaici ana yi wa haddi idan an fahimci zina ake nufi. Don haka maganar Gwaggo ta "ba ta kawo mutuncinta ba" ba ƙaramar magana ba ce, kuma kai ka buɗe mata ƙofa da ka fitar da sirrin shimfiɗarka, abin da hadisin Muslim ya yi kakkausan gargaɗi a kansa.

Dubi yadda Annabi ya yi da mutumin da ya zo da shakka wadda ta fi taka ƙarfi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani ya ce matarsa ta haifi baƙin yaro. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya ce ko akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Ya ce daga ina ya samo wannan launi? Ya ce wataƙila gado ne ya jawo shi. Annabi ya ce ɗanka ma wataƙila gado ne ya jawo shi, bai kuma ba shi izinin kore ɗan ba. Wannan abu ne da kowa ke gani da rana tsaka, amma da yake akwai wani bayani mai yiwuwa, aka rufe ƙofar zargi. Ina ga abin da likitoci suka ce yana faruwa ga amare da yawa?

Mai karatun fiƙihu zai iya cewa ai malamai sun ambaci duban mata a littattafansu. Haka ne. Mafi yawansu sun ce idan shaidu suka ce mace ta yi zina, sai amintattun mata suka ce budurwa ce, to haddi ya faɗi. Lura da inda suka yi amfani da shi: wajen kuɓutar da ita, domin ana tunkuɗe haddi da shubuha. Ba su tsayar wa kowa haddi don an duba ba a ga tantani ba. A irin taka matsalar kuwa, Shaihu Khalil ya faɗa a Mukhtasar cewa ana gaskata mace game da budurcinta tare da rantsuwa, kuma mata ba za su duba ta ba. Matarka ta riga ta rantse maka. Buɗe al'aura ga likita yana halatta ne don larurar magani, a nan kuma babu cuta, babu amsar da duban zai bayar, sai wulaƙanci da ba za ta manta ba.

Game da sadaki, yana cika ne da saduwa, kuma kun sadu. Aya ta 20 da ta 21 ta Suratun Nisa'i sun hana miji karɓar komai daga abin da ya bai wa matarsa, ko da dukiya ce mai tarin yawa, suka kuma kira hakan ƙirƙiren ƙarya da zunubi bayyananne. Lefe ma kyauta ce da aka bayar don aure, auren ya ɗauru, an tare. Saki yana hannunka, in ka yi zai auku, amma sakin da aka gina a kan wannan zato zalunci ne, domin a unguwa kowa zai fassara dalilin fitowar amarya da wuri, tabon kuma zai bi ta har ƙannenta.

Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka nemi gafarar matarka a fili, da kalmomin da za ta ji cewa ka janye zargin, ba wai ka yi shiru ka ci gaba da zama kamar ba a yi komai ba. Kada ka tsare ta da tambayoyin abin da ya wuce, domin bin diddigi haramun ne a aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Sannan ka je wurin Gwaggo da ladabi, ka ce mata ka tambayi malamai ka gane babu komai, ka roƙe ta ta gyara maganar a duk kunnen da ta kai ta. Idan labarin ya isa gidan surukanka, ka je da kanka tare da waliyinka ka wanke 'yarsu a gabansu. In kuma tana jin zafi lokacin saduwa, ko jinin da ba na haila ba, to wannan dalili ne na zuwa wurin likitar mata, don lafiyarta kuma da yardarta.

Wallahu a'alam.