Gyaran ɗakin baƙo cikin minti 30: abin da ake yi a jere

Tambaya: "Salamu alaikum. An ba ni kula da masu gyaran ɗaki a wani ƙaramin masauki mai ɗaki 14 a Agege. Baƙi na fita ƙarfe 12, sababbi na shiga ƙarfe 2. In na ce a yi sauri sai tsafta ta lalace, in na ce a tsaya a yi da kyau sai baƙo ya zauna jira. Ina son jerin aikin da zan manna wa yara su riƙa bi."

Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe a wannan aiki tsakanin Ikeja da Obalende, daga mai goge banɗaki har na zama mai duba aikin wasu. Abin da ke cinye lokaci a ɗaki zirga-zirga ce: a koma ɗauko tawul, a koma ɗauko tsumma, a goge ƙasa a sake takawa. Don haka takardar da za ka manna ta faɗi abin da ke gaba da abin da ke biye, kuma kada kowa ya sauya jerin.

Kafin a buɗe ƙofa, komai ya kasance a hannu: zanin gado, rigunan filo, tawul, sabulu, ledar shara, safar hannu, da tsummoki kala huɗu. Ja na masai ne kaɗai, rawaya na wurin wanke hannu da bango da famfo, shuɗi na tebur da kayan ɗaki, kore na kofi da butar shayi. Ko ba ka da keken turawa, bokiti babba ɗaya ya isa.

Minti uku na farko na kwashewa ne. A ƙwanƙwasa, a buɗe labule da taga, a kunna fitilu da esi da talabijin don a ga abin da ya mutu tun da wuri, a leƙa durowa da ƙarƙashin gado ko baƙo ya manta wani abu. A kwashe shara, a cire zanin gado ta hanyar naɗe shi ciki, ban da kakkaɓewa, domin gashi da ƙura za su watsu a ɗakin ka ƙara wa kanka aiki.

Daga nan a shiga banɗaki, amma ba don wankewa ba tukuna. A zuba maganin masai a ƙarƙashin bakinsa, a shafa ruwan sabulu a bango da wurin wanke hannu, a fito a bar su su jiƙa. Nan sirrin saurin yake. Magani yana buƙatar lokaci kafin ya ci datti, kuma wanda ya zuba ya hau gurza nan take yana yin da ƙarfinsa aikin da maganin zai yi masa kyauta. Cikin wannan jiran ake shimfiɗa gado, kamar minti shida.

A wurin gadon ka koya musu abu ɗaya da ba ya cin ko rabin minti: kafin a shimfiɗa zani, a ɗaga bakin katifa ta wajen kai a duba ɗinkinta. Ɗigo-ɗigo baƙi kamar an yayyafa tawada, ko ɗan jini a tsohon zani, alamar kuɗin cizo ce. In an gani, a rufe ɗakin a sanar da kai, a ƙulle zannuwansa a leda daban. Gara ka rasa kuɗin kwana ɗaya da ka bar su su bi bango zuwa ɗakin maƙwabta.

Sai goge ƙura, daga sama zuwa ƙasa, a fara daga ƙofa a bi bango ta gefe ɗaya har a dawo ƙofar. Mai tsalle daga tebur zuwa taga zuwa madubi shi ne ke manta wuri. Minti biyar ya isa, har da wuraren da hannu ya fi taɓawa: rimot, makunnin wuta, hannun ƙofa, murfin firji. A buɗe butar shayi a leƙa cikinta. Na taɓa samun ragowar taliya a ciki bayan yaro ya rantse mini ya gama ɗakin, kuma da baƙuwa ce ta fara gani da ban san inda zan sa kaina ba.

Yanzu a koma banɗaki, minti tara zuwa goma, kuma ko duniya za ta tashi kada a rage daga nan. A fara da madubi da wurin wanke hannu, sai bango da wurin wanka, masai ne na ƙarshe. Bayan an ɗauraye sabulu sai a bi da ruwan bilic, wanda mu ke kira haifo. In kwalbar ta ce 3.5%, cokali biyu na cin abinci, wato mililita 30, a lita ɗaya ta ruwa, a bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya kafin a share. A haɗa sabo kowace safiya, domin na jiya ya rage ƙarfi. Ƙara yawa ba ya ƙara tsafta, famfo kawai yake ci, ya kuma kodar da tawul. Kuma ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a haɗa bilic da maganin masai. Wata yarinya da ke ƙarƙashina ta yi haka don ta gama da wuri, hayaƙin ya kama mata ƙirji, sai da muka fito da ita waje tana tari idonta na zuba. A ja ruwan masai tukuna kafin bilic ya shiga. A cire gashin da ke magudanar ruwa, a wanke buta ciki da waje, a share komai ya bushe.

Bushewar nan a Legas ba ƙaramin abu ba ce. Da damina ɗakin da aka rufe da danshi kan yi warin fumfuna kafin la'asar, kuma fesa turare a kai ba ya ɓoye shi, sai ma ya haɗa wari biyu. In ɗaki yana wari bayan an gyara, duba matatar esi da bayan labule da tawul ɗin da aka naɗe bai gama bushewa ba.

Abin da ya rage, a ajiye tawul da sabulu, a share ƙasa a goge daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya zuwa ƙofa, minti biyar. Duka minti 30 ke nan in ɗakin bai ɓaci sosai ba.

To, ga lissafin da ya fi damunka. A ce ranar Lahadi bayan biki ɗaki tara suka fita, kana da ma'aikata biyu. Tara sau 30 minti 270 ne, su kuwa su biyun awa biyu-biyu gare su, minti 240. Babu tsawar da za ta cike wannan giɓin. Abin da nake yi, tun dare nake karɓar sunayen ɗakunan da za su fita daga wurin masu karɓar baƙi. A garin nan da wuya ka rasa masu sammako don gudun cunkoso ko kama jirgi, sai a gama uku kafin ƙarfe 11. Saura shida, uku-uku, minti 90, ka samu rarar rabin awa ta dubawa da wanda ya makara bai fita ba. A kuma fara da ɗakunan da aka san baƙinsu na tafe.

Dubawar kuma taka ce, kada wanda ya gyara ya duba kansa. Minti biyu take ci. Ka tsaya a ƙofa ka shaƙi iska, ka shafa yatsa a saman talabijin, ka ɗaga filo, ka durƙusa ka haska ƙasan banɗaki da tocilan waya ta gefe, nan gashi ke fitowa fili. Wanda ka kama masa kuskure, kira shi ya gyara da hannunsa kana tsaye, sannan ka sanar cewa ɗakin ya shirya.