Wata yana juyawa, sai dai juyinsa ya zo daidai da zagayensa

"Jama'a, ina koyar da kimiyya a Bukuru. Wata ɗaliba ta tambaye ni dalilin da ya sa kullum fuska ɗaya ta wata muke gani. Na ce don ba ya juyawa, ta ce ba ta gamsu ba. Ku taimaka. Kuma mene ne taidal lokin ɗin nan?"

Kai, sannu Malam. Duk mai riƙe da alli ya san zafin irin wannan tambaya a gaban aji. Amma yarinyar ce da gaskiya.

Wata yana juyawa a kan kansa sau ɗaya cikin kwana 27.3, kuma cikin kwanakin nan yake gama zagaya duniya. Ka zaunar da yaro a kujera a tsakiyar aji, wani ya zagaya shi yana fuskantarsa. Kafin ya dawo inda ya tashi, zai fuskanci allo, taga, bangon baya da ƙofa, wato ya juya sau ɗaya ke nan. Sai ya sake zagayawa, ƙirjinsa na fuskantar allo kaɗai. Na kan kujera zai ga fuskarsa, ya ga kunnensa, har ƙeyarsa. Da wata ba ya juyawa, haka za mu riƙa ganinsa. Ka dai sa ido, yara kan karkata kafaɗa ba su sani ba, gwajin ya lalace.

Daidaituwar nan ba haka kawai ta zo ba. Duniya ta fi jan gefen watan da ke kusa da ita, sai jikinsa ya ɗan miƙe, ya yi tudu gaba da baya. A zamanin da yake juyi da sauri, dutse ba ya lanƙwasa nan take, don haka juyin yakan kwashe tudun ya kauce daga saitin duniya, ita kuma ta janyo shi baya. Birki ke nan, ƙarfin juyin yana ƙarewa a zafi cikin duwatsun. Da juyi ya zo daidai da zagaye, tudun ya zauna a saiti, birkin ya saki. Wannan kullewar ce taidal lokin ɗin da ka tambaya.

Kada kwana 29.5 na tsayuwar wata ya rikita ka. Duniya ma tafiya take kewaye da rana, dole wata ya ƙara kamar kwana biyu kafin ya cim ma saitin rana.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu koya wa yara wai bayan wata duhu ne har abada. Ina! Lokacin da wata ya ɓuya mana, can rana ce tsaka. Ba a dai taɓa ganin wajen ba sai 1959, da kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyet ya ɗauko hotonsa. Kuma tunda hanyar watan ba da'ira ce cif ba, gudunsa na ƙaruwa yana raguwa, ga shi kuma a ɗan karkace yake juyawa, gefunansa kan ɗan leƙo, har a hankali mukan ga kusan kashi 59 cikin 100 na jikinsa.