Na sayi adireshin imel 5000, zan iya tura musu talla?

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin sayar da kayan sola. Na sayi jerin adireshin imel 5000, wasu na Amurka da Turai. Idan na tura musu talla lokaci ɗaya, da matsala?

Amsa: Malam, da matsala, kuma ta danganta da inda mai karɓa yake. A Amurka, dokar CAN-SPAM ta 2003 ba ta wajabta neman izini tukuna ba, amma dole ka sa adireshinka na gidan waya da hanyar ficewa daga jerin, ka kuma cire wanda ya nema cikin kwanakin aiki 10. A Turai kuwa, tallan imel ga mutum ɗaiɗai sai da yardarsa, kuma yardar da wani ya ce ya karɓa a madadinka ba ta cika tsayawa ba. Tambayi mai sayarwar: yaushe suka yarda, kuma da sunan wa? Galibi nan zai fara kame-kame.

Ko ka tsallake doka, Gmail na nan. Tana so masu kai ƙorafin cewa saƙonka Spam ne kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Cikin 5000, mutum 15 ke nan kacal. Daga nan har rasitin kwastomominka na gaskiya sai ya riƙa faɗawa akwatin Spam.

Wanda ya fice, kada ka goge adireshinsa gaba ɗaya. Ajiye shi a jerin waɗanda ba a aika wa, don kada gobe ya sake shigowa. Kuma kada ka taɓa jera mutane a CC, kowa na ganin adireshin kowa.