Takardar rakiya zuwa ga manajan darakta

Tambaya: Maigidana ya ce in taƙaita rahoton shekara mai shafi 120, kuma akwai abubuwa uku da zai yanke hukunci a kansu. Me zan rubuta a takardar sama?

Malam, fara da abubuwan ukun, kowanne da ranar da ake jiran amsarsa. Misali: "Ranka ya daɗe, ana neman amincewarka da ribar da za a raba wa masu hannun jari kafin zaman daraktoci, ran 14 ga wata. Bayani yana shafi na 3." Faɗi naka ra'ayin a kowanne, don ya sa hannu kawai ko ya ƙi. Idan akwai asara, ambace ta a nan, kada ya tsince ta a tsakiyar rahoto. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, takardar kuma kada ta wuce rabin shafi.